Diyod Biyu Masu Kama Ɗaya a Cikin Caja, da Abin da Ya Hana Ɗaya Zama a Gurbin Ɗaya

Duk cajar waya ta zamani, da adaftan dikoda, da akwatin wutar talabijin, suna ɗauke da diyod iri biyu da ido ba ya iya bambantawa. Kowanne ɗan baƙin abu ne mai ƙafa biyu da zobe mai launin azurfa a gefe guda, kuma aikinsu a taƙaice ɗaya ne: su bar wuta ta wuce ta fuska guda, su tare ta idan ta juyo. Na farko shi ne diyod na p-n, irin su 1N4007 da 1N5408, waɗanda ba a rasa su a akwatin kowane mai gyara. Na biyu shi ne wanda aka haɗa ƙarfe da silikon, da ake kira da sunan Schottky, irin su 1N5819, 1N5822 da SS34. A bakin shigowar wutar NEPA za ka tarar da na farko, a wajen fitar wuta zuwa waya kuma na biyu. Ba kara-zube masu ƙira suka jera su haka ba, kuma mai gyaran da ya musanya su, ba za a daɗe ba cajar za ta dawo masa.

A ɗauki caja mai ba da bolt 5 da amfiya 2, wato wat 10, wadda diyod ɗinta na fita 1N5822 ne. Ta daina aiki, fitilarta na ƙyaftawa, tana ɗan ƙara tik, tik. An buɗe, an auna, diyod ɗin ya haɗe, wuta na wucewa ta kowace fuska. Babu irinsa a shago, amma ga 1N5408 birjik. Girmansu ɗaya, kauri ɗaya, dukkansu na amfiya 3 ne, sannan wanda ya mutu bolt 40 kawai yake iya tarewa, wannan kuwa har 1000. Duk wanda ya dubi waɗannan lambobi zai ce ai an ma ƙara wa cajar ƙarfi. Lambobin gaskiya ne, sai dai akwai wasu abubuwa uku da ba a rubuta a jikin diyod ba, kuma su ne ke yanke hukunci a wannan gurbi.

Kafin a zo kansu, sai an leƙa cikin diyod ɗin. Na p-n silikon ne zalla, amma gefe biyu. An sa wa gefe guda ɗan sinadarin fosfaras, ya zama yana da rarar ilektoron, shi ne n. Ɗaya gefen an sa masa boron, ya zama yana da guraben da ilektoron ya kamata su cike amma babu su, shi ne p. A inda suka haɗu wani shinge na lantarki kan tashi da kansa, kuma sai an tura bolt da ya isa kafin ilektoron su tsallaka. A diyod na Schottky babu gefen p sam. Silikon na n ne aka manna wa siririn ƙarfe, irin su filatinam ko molibdenam, sai shingen ya tashi a tsakanin ƙarfen da silikon ɗin. Wannan nau'i shi ne ma ya riga zuwa duniya. Tun a 1874 Ferdinand Braun, wani masani Bajamushe, ya lura cewa idan aka ɗora bakin waya a kan wasu duwatsu, ciki har da dutsen kwalli, wuta ta fi son bi ta fuska guda. Da irin wannan dutse, wanda a ƙasar Hausa ake niƙawa a sa a ido, aka yi rediyoyin farko marasa batir. Sai a 1938 Walter Schottky ya bayyana dalilin abin, aka kuma laƙaba wa diyod ɗin sunansa. Mahaɗar p-n kuwa a 1940 Russell Ohl ya gano ta a Amurka.

Abu na farko shi ne bolt ɗin da diyod ke riƙewa idan wuta na bi ta cikinsa. Kamar dillali yake, ba a wucewa ta hannunsa sai ya cire la'adarsa, kuma la'adar nan zafi take zama a jikinsa. Ana yawan cewa na p-n yana cin bolt 0.7, na Schottky kuma 0.3. Wannan magana ta ƙaramar wuta ce. Da zarar amfiya sun yi yawa, dukkansu sukan ƙara farashi. A amfiya 3, masu ƙera 1N5822 sun ce ba zai wuce bolt 0.525 ba, shi kuwa 1N5408 yana cin kimanin bolt 1.

Lissafin cajar tamu mai sauƙi ne. Zafin da diyod ke fitarwa shi ne bolt ɗin da ya ci a ninka da amfiyan da ke wucewa. Da Schottky, rabin bolt sau amfiya 2 ya ba da wat 1. Da 1N5408, bolt 1 sau amfiya 2 ya ba da wat 2. Cajar gaba ɗaya wat 10 take bayarwa, don haka asarar ta tashi daga kashi goma cikin ɗari zuwa kashi ashirin, a kan abu guda tak. Wat ɗaya ba ya cika ido a takarda, amma a jikin diyod mai wannan girma kowane wat yakan ɗaga zafin cikinsa da digiri 30 ko fiye a kan na iskar da ke kewaye da shi. Cikin rufaffiyar caja, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, iskar kanta ba wuya ta kai digiri 60. Schottky zai zauna a wajen 90. Wanda aka maye gurbinsa da shi zai doshi 120, ga shi kuma manne da kafasito, wanda ruwan da ke cikinsa ke bushewa da zafi. Sau da yawa kafasiton ne ke fara kumbura, sai a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma wata alama da mai waya zai fara gani kafin komai ya ƙone. Wasu cajoji suna auna bolt ɗinsu a bakin fita, suna gyara shi, don haka ko an canza diyod za su ci gaba da ba da bolt 5, sai dai su ƙara wahala. Masu araha da yawa kuwa daga ɓangaren farko na tiransifoma suke ƙiyasta abin da ke fita, bisa zaton diyod ɗin na asali ne. Irin waɗannan, ƙarin rabin bolt ɗin daga rabon waya yake fita, sai ta sami 4.5 a maimakon 5. Waya ta nuna tana caji, amma a kwana ba ta cika ba.

Me ya sa to ba a sa Schottky a bakin shigowar wuta, tunda ya fi rangwame? Domin a can rangwamen ba shi da amfani. Wutar gida mai bolt 230, idan aka miƙar da ita, ta kan kai kimanin bolt 325 a kan babban kafasito. Diyod biyu da wuta ke bi ta cikinsu a lokaci guda ba su cin abin da ya kai bolt 2, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Rabin bolt babban abu ne ga mai bolt 5, ga mai 325 kuwa ko a jikinsa. Sannan 1N5819 bolt 40 kawai yake tarewa. Wanda ya sa shi a wannan wuri, yana jona wuta zai ji ƙara, fis kuma ya tafi.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa, domin mitar hannu ba ta nuna shi, kuma a ganina shi ne ya fi cin cajojin da aka yi wa irin wannan gyara. Shi ne saurin rufewa. Lokacin da wuta ke bi ta cikin diyod na p-n, ilektoron kan tsallaka su shiga gefen p, guraba kuma su shiga gefen n, su taru a can jingim kusa da mahaɗar. Idan bolt ya juya farat ɗaya, diyod ɗin ba zai iya tare komai ba sai an kwashe waɗannan da suka taru, ko sun narke a inda suke. Kafin a gama kwashewar, wuta na gudu ta baya tamkar babu diyod a wurin. A diyod na gama-gari irin 1N4007 da 1N5408 wannan kan ɗauki mikrosakan 2 ko fiye, mikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Takardun bayanan waɗannan diyod sau da yawa ba su ma ambaci wannan lokaci ba, don ba a yi su domin gaggawa ba.

A wutar NEPA babu wanda wannan ya dama. Tana juyawa sau 50 a sakan, kowane zagaye mikrosakan 20,000 ne, jinkirin 2 a ciki bai kai a kula ba. Amma ƙanƙantar cajar zamani ta samo asali ne daga tiransisto da ke kunna wuta yana kashewa sau dubu sittin zuwa dubu ɗari da ɗoriya a sakan guda, abin da ya ba da damar yin aiki da ɗan mitsitsin tiransifoma. A sau dubu ɗari, zagaye guda mikrosakan 10 ne kacal. Diyod mai jinkirin mikrosakan 2 ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na zagayen yana buɗe a lokacin da ya kamata ya kasance a rufe. Kuma lokacin ya zo daidai da kunnuwar tiransisto, wanda zai tarar da ɓangare na biyu na tiransifoma tamkar an haɗe wayoyinsa. Wuta mai yawa ta ratsa shi na ɗan lokaci, a maimaita haka sau dubu ɗari kowane sakan. Diyod ya ƙara zafi a kan wat 2 na farko, tiransisto ma ya yi zafi, kuma da ƙarin zafi jinkirin ke ƙara tsawo. Idan akwai rediyo kusa za a ji shi yana shuu a gajeren zango.

Schottky ba shi da wannan matsala saboda babu inda wani abu zai taru. Ilektoron ya tsallaka daga silikon ya faɗa cikin ƙarfe, ƙarfe kuwa dama cike yake da ilektoron, nan take ya saje da su. Babu abin kwashewa, don haka bolt na juyawa shinge ya tsaya. Ɗan jinkirin da ya rage na cika ƙaramin kafasiton da mahaɗar ke da shi ne a halittarta, kuma shi ne ke haddasa ɗan rawar bolt da ya sa ake ganin ƙaramin rizisto da kafasito a jere kusa da diyod ɗin a allon caja. Kada a cire su don an ga kamar ba su da aiki.

Wani zai ce ai shi ya taɓa sa 1N5408 a irin wannan wuri kuma caja ta tashi. Ba ƙarya ya yi ba. Idan kayan da aka jona ba su jan wuta sosai, tiransifoma kan juye duk abin da ya tara kafin zagaye na gaba, wutar da ke cikin diyod ta sauka sifili a hankali, ya sami sararin rufewa. A kan teburin gyara, da fitila ɗaya ko waya mai kusan cika, komai zai tafi daidai. Sai an kai ta gida an jona wayar da batirinta ya mutu murus, a ɗaki mai zafi, sannan abin zai bayyana.

Akwai diyod na p-n da aka ƙera don sauri. FR107 yana rufewa cikin nanosakan 500, wato rabin mikrosakan, UF4007 kuma cikin 75. Amma saurin ba kyauta ba ne: UF4007 na iya cin har bolt 1.7 a amfiya 1. Wurinsu shi ne inda ake son sauri da tare babban bolt a lokaci guda, kamar ɓangaren farko na tiransifoma. A bakin fitar bolt 5 sun warware matsala ta biyu, sun ƙara dagula ta farko.

Zuwa nan kamar Schottky ya cinye gasar, sai dai abu na uku na nan, wato yoyo. Babu diyod da ke tare wuta ɗari bisa ɗari idan ta juyo, kowanne yana ɗan zubarwa. Iyakar da aka rubuta wa 1N4007 ita ce mikro'amfiya 5 a zafin digiri 25. Ta 1N5819, mai amfiya 1 kamarsa, miliamfiya 1 ce, ninki ɗari biyu ke nan. Ta 1N5822 na cajarmu miliamfiya 2 ce a digiri 25, da miliamfiya 20 a digiri 100. Waɗannan iyakoki ne, yawancin diyod ba sa kaiwa can, amma tazarar da ke tsakanin nau'o'in biyu ta gaske ce.

Wannan yoyo ba aibin ƙira ba ne da wata masana'anta za ta gyara wata rana. Tushensa ɗaya da rangwamen da aka yaba a baya. Shingen Schottky gajere ne, shi ya sa bolt kaɗan ke tsallakar da ilektoron ta gaba, kuma gajartar nan ita ce ke ba ilektoron na cikin ƙarfe, waɗanda zafi ya zaburar, damar tsallakowa ta baya. Akwai ma ƙa'idar lissafi a kai: a zafin ɗaki, duk sanda aka zaɓi ƙarfen da ya rage tsawon shingen da bolt 0.06, abin da diyod ke ci zai ragu da kimanin bolt 0.06, yoyo kuma zai ninka sau goma. Don haka idan aka ga Schottky da ake tallar ƙarancin cin bolt ɗinsa, a nemi layin yoyo a takardarsa, a can aka biya kuɗin.

A koma cikin cajar. Lokacin da tiransisto ke kunne, diyod na tare bolt na baya. Idan nadin tiransifoma 15 ne a kan 1, bolt 325 zai zama kimanin 22 a ɓangare na biyu, a haɗa da 5 na fita, 27 ke nan, kuma yana ɗauke da shi kusan rabin lokaci. A digiri 25, miliamfiya 2 sau bolt 27 a raba biyu bai kai wat 0.03 ba, ba abin damuwa. A digiri 100, miliamfiya 20 ya ba da wat 0.27. Yoyo kuma yakan ninka kusan duk ƙarin digiri 10. A 110 ya haura rabin wat, a 120 ya haura wat guda, wato ya kamo zafin da aikin diyod na ainihi ke fitarwa. Daga nan zafi na ƙara yoyo, yoyo na ƙara zafi, har silikon ya narke a wani ɗigo, diyod ya haɗe. Ga dukkan alamu haka 1N5822 na farko ya mutu: caja a ƙarƙashin matashi, ko a kan gaban mota cikin rana, ko an jona mata abin da ya fi ƙarfinta. Janareta mai hawa da sauka ma na da hannu. Idan wuta ta kai bolt 260, abin da diyod ke tarewa zai kai 30, ga tsalle-tsallen bolt a kai, iyaka kuma 40 ce, yoyo kuwa na ƙaruwa sosai idan aka matso iyakar.

Wannan lissafi shi ke nuna abin da ya dace a saka. Schottky dai, mai amfiya daidai ko fiye, mai bolt daidai ko sama kaɗan. SR560, mai amfiya 5 da bolt 60, zai zauna lafiya a gurbin 1N5822, ya ma fi shi sarari. Amma kada a zarce. Schottky na silikon mai tare bolt 100 zuwa 200 yakan ci kusan bolt 0.8 a cikakken aikinsa, ribar ta kusa ƙarewa ke nan, shi ya sa ba a cika yin su sama da haka ba. Masu tare bolt 600 zuwa sama da ake gani a manyan inbata da silikon kabaid ake yinsu, sun shigo kasuwa a 2001, kuma don sauri ake sayensu, domin suna cin wajen bolt 1.5. Sababbin cajoji masu saurin caji kuwa da yawansu sun ajiye diyod ɗin fita gaba ɗaya, sun sa tiransisto na MOSFET a wurinsa. Wanda ya buɗe irinsu bai ga diyod ba, ba sace shi aka yi ba.

Nauyin yoyo ya danganta da wurin. A ƙaramin fanel na sola da ke cajin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, ana sa diyod don kada batir ya juye cikin fanel da dare. Ko Schottky ya zubar da miliamfiya 1 na tsawon awa 12, miliamfiya-awa 12 ne daga cikin 7000, kuma da dare akwai sanyi, don haka rangwamen rana ya fi asarar dare nesa ba kusa ba. A na'urar da ke rayuwa da ɗan batirin CR2032, mai miliamfiya-awa kimanin 220, yoyon mikro'amfiya 20 kaɗai zai shanye shi cikin wata goma sha biyar. A can diyod na p-n ne ya dace, ko da ya fi cin bolt.

Saura yadda za a gane wanne ke hannu idan lambar ta goge. A sa mita a kan alamar diyod, jar waya a ƙafar da ba ta da zobe, baƙa a mai zobe. Na p-n zai nuna tsakanin 0.5 da 0.7. Schottky zai nuna tsakanin 0.15 da 0.35, kuma manyansu ne ke nuna mafi ƙanƙanta, domin mita wajen miliamfiya 1 kawai take turawa. Almajiran gyara da yawa sukan ga 0.17, ko su ji mita ta yi ɗan kuka, su ce diyod ya haɗe, su jefar da lafiyayye. Wanda ya haɗe da gaske kusan sifili yake nunawa, kuma ta fuska biyun. A juya wayoyin: lafiyayye zai nuna OL. Dole ne kuma a ɗaga ƙafa ɗaya daga allon kafin awo, in ba haka ba nadin tiransifoma da kafasito za su ruɗa mita. Kafin a taɓa komai a tabbata an sauke wutar babban kafasito, don yakan riƙe bolt 300 bayan an zare caja daga bango.

Ana iya ganin yoyon ma da ido a kan tebur. A mayar da mita kan awon om mai miliyoyi, a auna diyod ta baya. 1N5408 zai tsaya a OL ko kusa da haka. Babban Schottky zai nuna wata lamba, sau da yawa dubban ɗaruruwan om. A kawo bakin ayan ɗin soda kusa da ƙafarsa na 'yan sakanni, lambar za ta riƙa zubewa ƙasa da sauri, idan ya huce kuma ta koma inda take. Wanda tun yana sanyi yake nuna 'yan dubban om kawai, ko wanda ya huce amma lambarsa ta ƙi komawa, ya riga ya ji rauni, kuma ba a mayar da shi cikin caja ko da awon gaba ya nuna 0.2 daidai.